Kwanon Shagon Luba

A shekarar da aka fara kiran garin da sabon suna Suleja, ɗaki ya yi tsada, ma'aikatan sabon birnin tarayya sun cika ko'ina suna neman wurin kwana. A daminar nan ne iska ta yaye kwanon shagon Luba.

Shagon nata ne. Da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta gina shi jikin gidan mijinta, ta ba Oladipo tela haya. Tun da mijin ya rasu, ƙanensa Rabi'u ke zagaye wurin yana cewa harkar haya ba ta mata ba ce. Luba ta san abin da yake so, ta kuma rantse sai dai ya gani da ido.

Oladipo ya ce mai shago ke gyaran rufi. Luba ta ce ƙarya ne, shi ya kafa ƙaton allon tallarsa jikin katakon rufin, iska ta samu abin kamawa. Ruwa ya jiƙa masa atamfofin mutane, ita kuma bangonta ya fara zaizayewa. Kullum da safe sai an yi cacar baki, har maƙwabta suka gaji suka gaya wa mai unguwa Datti.

Mai unguwa ya aiko Almu, dattijon da ke kai masa saƙo. Almu bai shiga shago ba, bai shiga zaure ba. Ya tsaya tsakanin ƙofofin biyu ya yi sallama, sai da Oladipo ya fito, Luba ta leƙo, sannan ya buɗe baki.

"Mai unguwa na gaishe ku. Ya ce ba wanda ya kai ƙarar wani. Yana roƙon Luba mai shago da Oladipo mai haya su zo zaurensa ranar Alhamis bayan la'asar, a kan maganar rufi. Ba shari'a ba ce, ba za a tilasta wa kowa ba. Za a kira kafintan da bai taɓa yi wa ɗayanku aiki ba ya duba. In an daidaita, alhamdulillahi. In ba a daidaita ba, hanyar alƙali a buɗe take. Wanda ba zai iya zuwa ba ya turo wakili."

Luba ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ɗan haya a saƙo ɗaya, a tsaye, a bakin titi! Ta danne, ta miƙo goro.

"Baba Almu, shigo zaure mana in gaya maka yadda aka yi."

"Allah ya saka, Luba. Ba na cin goron kowa sai an gama. Bayanin ma ki ajiye sai Alhamis."

Mutumin da ya sha furarta ba adadi! Mai unguwar da mijinta ya yi wa hidima har ya koma ga Allah! Wato yanzu sun auna ta da baƙo sun ga nauyinsu ɗaya. Ranta ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma Luba in ranta ya ɓaci bakinta kan riga tunaninta.

"Ka gaya masa ba ni zuwa! Ni ba sa'ar tela ba ce. Ga Rabi'u can, tunda shi ke marmarin zama da 'yan haya, ya je ya zauna!"

Almu ya dube ta. "Wakilinki ke nan?"

"Na ce ya je!"

Ta banko ƙyaure. Rabin layin ya ji.

Ranar Alhamis Rabi'u ya sa babbar riga ya tafi. Kafinta ya ce katakon ya riga ya ruɓe, allon kuma ya ƙarasa shi. Aka sasanta cikin ruwan sanyi: ɓangaren mai shago ya sayi kwano da katako, Oladipo ya biya aiki ya cire allonsa. Rabi'u ya ce shi zai saya daga aljihunsa, a riƙa ba shi haya har ya fanshe. Wakili ne, ba wanda ya ga dalilin hanawa.

Luba ba ta san an gama ba sai da ta ji ƙarar guduma a kan rufinta. Ta fito da mayafi a hannu, ta tarar da Rabi'u yana nuna wa kafinta inda zai ƙara wani ɗaki.

Ta juya kan Oladipo tana huci. "Kai, munafuki! Da shi ka haɗa baki a ƙwace mini shago?"

Oladipo ya ajiye almakashi. Shi ma a fusace yake.

"Mama, ni da ke na so magana, ba da shi ba. Tabarma biyu aka shimfiɗa, iri ɗaya. Mai unguwa ya jira ki, har ya sake tambaya ko kina tafe."

"To, sai aka yi yaya?"

"Sai Rabi'u ya zauna a kan taki."