Hashtag ɗin Tudun Baushe

Ƙanena Nasiru ya zama Nasiruddeen ne ran da ya sayi waya mai kyamara uku. Ban hana shi ba, sunansa ne, ya ja shi yadda ya ga dama. Shagonsa na gyaran waya yana manne da nawa na ɗinki a bakin kasuwar Dogon Dutsi, langa-langa ɗaya ya raba mu, saboda haka duk abin da zan faɗa da kunnena na ji shi.

Shi da abokinsa Jalaluddeen suka buɗe tasha a TikTok, suka sa mata Hasken Dallol. Suna ɗaukar karatun Malam Shu'aibu, limamin masallacin unguwarmu, su yayyanka shi gajere-gajere su ɗora. Jalaluddeen ɗan kasuwa ne, yana kawo takalma daga Kwatano, kuma shi ya sayi makirfo da ƙafar ɗora waya. Tun daga nan yake jin ko numfashi Malam ya yi, da izininsa ne. Ban taɓa son yaron nan ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Faɗansu kullum ɗaya ne: kalmomin nan da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyo da alamar tsani a gabansu, waɗanda suke kira hashtag. Wanda ya taɓa kalmar, sai ta kai shi inda aka tara duk bidiyon da ke ɗauke da ita. Ita ma manhajar tana dubanta don ta san su wa za ta fara nuna wa. Jalaluddeen manya yake so, #islam, #quran, #fyp, waɗanda duniya duka take zuba kaya a ciki.

"Da'awa ta duniya ta, ba ta unguwa ba," in ji shi. "Dibi vu ɗin da munka samu jiya, yawan masu kallo."

"Vu ɗin wa?" in ji Nasiru. "Buɗe ka gani. Mutanen Indonesiya da Pakistan. Sun ga rawani sun tsaya, sun ji Hausa sun wuce. In sunka wuce da sauri, mashin shi ɗauka karatun na ba shi da daɗi, shi daina nuna shi ga kowa. Kuma cikin #islam, kahin ka ƙihta ido an binne mu."

"To sai mu zauna muna wa'azi ma mutum goma?"

"Goma masu ji sun hi dubu masu wucewa. Manyan tag biyu, ƙanana ukku. Haka aka yi."

Gaskiya tana wajen ƙanena, kuma abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Da ya fara haɗa #islam da #waazi da irin su #Doutchi da #Tibiri da #hausaniger, sai ga mutane suna kallo har ƙarshe, suna tambaya da Hausa, wani direban Tibiri har ya zo shago neman Malam. Nasiru ya fara tafiya kamar an naɗa shi prefe, mai mulkin gunduma. Jalaluddeen kuwa ya kumbura, ya koma neman inda zai kama shi.

Mu ƴan Tudun Baushe ne, ƙauye can cikin ƙasar Dogon Kiriya. Uwarmu ta rasu Nasiru yana rarrafe, yayarta Inna Kaltume ta ɗauke mu. Ita ta goya shi, ita ta tauna masa abinci, kuma ba ta taɓa kiransa da sunan yanka ba, sai Auta. Inna tana da doguwa, iskar nan da ake yi wa yanka, ta gada wajen kakarmu. Ita kaɗai ta rage a garin mai wannan, kowa ya sani. Mata na zuwa mata da rashin lafiyar yara, suna kuma sayen daddawarta. Ni na bar wannan hanya tuntuni, na faɗa mata a ɗakinta, ta ce Allah ya shirye mu duka, muka ci tuwo. Nasiru bai taɓa iya faɗa mata ba. Da ta aiko da daddawa sai ya karɓa ya ɓoye kada abokansa su tambayi daga ina.

Garin namu yana da nasa hashtag, #DiyanTudunBaushe. Samarinmu da ke ci-rani a Legas da Yamai da Libiya suka ƙirƙiro shi. Ba wani abin kirki a ciki: ruwan farko ya sauka, an yi suna gidan wane, ga kokawar bayan girbi, ga tsohuwar wani tana gaishe shi. Duk ɗan garin da ke da waya yana leƙawa, kuma abin da aka ɗora yau yana nan har watan gobe, don ba mai ture shi.

Wata Juma'a Malam Shu'aibu ya yi karatu a kan masu yanka wa iskoki. Bai ambaci mutum ba, bai ambaci gari ba, ba ya ma yin haka. Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki na ji su suna yanka bidiyon, na ji muryar Jalaluddeen ta yi laushi, irin laushin da ba na alheri ba.

"Tunda ƙananan tag ɗinka ke aiki, wanga ai ya samu wuri. Sa na garinku."

Nasiru ya ci gaba da yanka bidiyon, Jalaluddeen ya ƙara matsowa.

"Ko ba can anka hi buƙatatai ba? Kai kac ce a kai karatu ga masu shi. Ko ko gaskiyar ta tsaya ga Tibiri, ba ta shiga gidan Inna?"

Na tashi na zagaya, almakashi a hannuna. "Jalaluddeen, hita harkar gidanmu. Uwarka tana Kiyeshe, mi ya hana ka sa na Kiyeshe?"

"Ni uwata ba ta da tsahi, Rumaisa'u."

Allah ne ya riƙe hannuna. Na juya wajen ƙanena na ce, "Nasiru, cikin #islam wanga karatu na kowa na. Cikin na garinmu mutum guda yaka nuhi, kuma ka san ta. In kana da magana da Inna, mota na tashi kullum."

"Yaya, ba ni na yi karatun ba. Ni tag kawai nika sawa."

"Tsoro yaka ji," in ji Jalaluddeen yana dariya. "Nasiruddeen a Dutsi, Auta a ƙauye."

Abin da ya kashe mu ke nan. Na ga kunnuwan ƙanena sun motsa, na ga yatsansa yana rubutu. Ya sa manya biyu, ya sa #Doutchi, ya sa #hausaniger, ya cike da #DiyanTudunBaushe, ya ɗora, ya juya wa Jalaluddeen fuskar wayar kamar wanda ya kayar da namiji a fili. Na yi tsaki na koma kan kekena, raina kamar ya fita.

Dabararsa ta yi aiki, ba ta taɓa yi irin na wannan karon ba. Kafin la'asar bidiyon ya hau saman shafin garinmu, ya zauna a kan bikin sunan gidan wane da ruwan farko. Ƴan ci-rani suka cika ƙasansa. Wani ya rubuta, "Mun san wadda aka nuhi." Wani ya rubuta sunanta ƙarara. Wani ya ce ɗan da ta goya ne ma ya ɗora, to wa ya rage ya kare ta? Masu kare ta suka shigo da zagi, kuma duk zagi ɗaya ƙara tura bidiyon yake ga wasu. Jalaluddeen yana zaune yana karanto su da ƙarfi, har da gyara murya.

Da abin ya kai kunnen Malam Shu'aibu, da kansa ya zo shago, ko zama bai yi ba.

"Ni na ce Tudun Baushe? Na kira sunan wata? Kun ɗauki bakina kun nuna tsohuwa da shi. Ku cire."

Jalaluddeen ya ce wallahi shi manyan tag ya ce a sa tun farko, kowa shaida ne. Ban san lokacin da na ce masa munafuki ba, a gaban Malam kuwa. Nasiru ya shiga ya goge kalmar, daga baya ya goge bidiyon gaba ɗaya. Aikin banza. An riga an sauke shi, yana yawo a WhatsApp na garin, har wani ya manna hoton ƙofar Inna a gaba.

Fati, maƙwabciyar Inna, ta kira ni ranar kasuwa. Ta ce yara sun jefi danga, matan da ke zuwa da rana sun daina, daddawa ta bushe a faifai ba mai taya ta. Ta ce jikan wani ne ya kai wa Inna wayar har tabarma ya kunna mata, ya kuma nuna mata sunan wanda ya ɗora.

"Mi tac ce?"

"Ta ce a sake kunna mata."

Na rufe shago, na tsaya a kan Nasiru har ya rufe nasa. Muka shiga motar Dogon Kiriya, muka ƙarasa a amalanke. Duk hanya yana shirya magana: shi bai yi nufi ba, ka'idar aikin ce, ƙananan tag haka suke. Na ce ya ajiye wannan bayani ya yi wa Inna, ni na ƙoshi.

Mun same ta a tsakar gida tana tsince yakuwa. Ta rame, ko kuwa idona ne. Ta rungume ni, ta tambayi yara da maigidana ɗaya bayan ɗaya. Nasiru ya durƙusa a gefe, ya cire hula, ya ce, "Inna, ina wuni."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ga ta da sabuwar tabarma, wadda take ajiye wa baƙi, ta shimfiɗa masa can a inuwar zaure. Ta kawo ruwa a kofin gilashi, ba a ƙwaryar da ya sha tun yana yaro ba, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Inna, don Allah ki saurare ni. Ni na, Auta."

"Na ji saƙo, ya iso," in ji ta. "Da ka taka ka zo da shi da kanka, da na ba ka tuwo." Ta gyara kofin ya fuskance shi. "Sannu da hanya, Malam Nasiruddeen. A sha ruwa."

Ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya kasa kai shi baki. Ita kuwa ta koma wajen yakuwarta, ta ce in matso in taya ta.