Ɗakina a Wayar Mutane

Shekara talatin da ɗaya ina wanki da guga a ɗaki ɗaya, ba a taɓa dawo mini da ko hankici an ce yana wari ba. Zannuwan gadon asibitin da ke bayan layinmu ni nake wanke su tun tsohuwar shugabar nas-nas tana da rai. Ban yi makaranta ba, ban gaji gona ba. Tsabtata ita ce takardata. Ita aka taɓa, kuma da hannun 'yar da na haifa.

Autata tana aikin zane a wani kamfani mai yin wasannin waya. Wata safiya ta zo ta ce an ba su aikin zana tsohon ɗaki, tana son hoton nawa. Na ce ta ɗauka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗauka, sannan ta fito da tef ta auna ƙofar da tebur. Na tambaye ta ko kafinta ta koma. Ta yi dariya, ta ce hoto maƙaryaci ne, abin da ke nesa yana ƙanƙantar da shi, alhali a irin zanensu na nesa da na kusa girmansu ɗaya, don haka sai da awo.

Bayan sati biyu ta nuna mini a kwamfutarta. Ta cire rufin, ta cire bango biyu na gaba, kana leƙen ɗakin daga sama ta kusurwa, kamar ƙadangare a kan katanga. Komai ya zama mai kusurwa-kusurwa. Bahona mai zagaye ya koma mai gefe takwas, wai idan gefen ya yi yawa ƙaramar waya ba za ta iya ɗauka ba. Amma ɗakina ne. Ga shuɗiyar ƙofa, ga tagar da magini ya karkatar, ga bulon da ke tallafe da gajeriyar ƙafar tebur. Dutsen gugata na gawayi, wanda mahaifinta ya ɗaure wa mariƙi da jar waya kafin ya rasu, ta ninka girmansa, don a gane shi a ɗan gilashin waya. Tas yake, kamar yadda na bar shi. Na sa mata albarka. Har maƙwabta na kira su gani, ni da bakina.

Wata huɗu bayan nan mai shagon kusa da ni ya tare ni yana murmushin da ban so ba. Ya ce ashe ɓeraye nake kiwo ban gayyace shi ba. Ya miƙo mini wayarsa. Tallan wasa ne. Ɗakina, ƙofata, tagata, jar wayar marigayi, amma bango ya yi baƙi da danshi, ruwan baho ya yi kore, ƙudaje suna yawo. A lungun bayan ƙofa, inda hoton ma bai kai ba tunda a bakin ƙofar Auta ta tsaya ta ɗauka, an tara tsummokara, ɓeraye uku suna rawa a kai. A lungun nan tsintsiyata ce kawai take zama. Wani yatsa ya fito ya taɓa dutsen gugata, ya yi tsalle ya faɗa kwandon shara, taurari suka tashi.

Wasan ke nan: a ba ka ɗakin ƙazama, ka share.

Cikin kwana goma duk layin ya gani. Masu kawo kaya suka fara jan ƙafa. Sabuwar shugabar nas-nas ta aiko a karɓi zannuwanta, wankakku da marasa wanki, ta ce sai ta bincika.

Auta ta zo tana kuka, ta ce ita zane mai tsabta ta miƙa, ogansu ne ya ce ɗaki mai tsabta ba abin da za a yi wasa da shi, ya sa ta shafa masa dauɗa a sama. Na ce ya sa ki, ke kuma ba ki da bakin cewa a'a? Na yafa mayafi na ce ta wuce gaba.

Ofishin nasu hawa na biyu ne, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, mutum bakwai kowa da abu a kunne. Kofunan shayi a kan tebur har sun yi gansakuka a gindi. Waɗannan ne suka kira ni ƙazama. Ogan, wani siriri mai tabarau, ya ba ni kujera, na ƙi zama. Ya ce ba a sa sunana ba, ba a sa fuskata ba, kuma duk wanda ya ci wasan zai ga ɗakin ya koma fes. Na ce a nuna mini. Aka nuna. Fes ɗin kuwa, amma da sabon tebur, da injin wanki, da dutsen guga na lantarki, an miƙe tagar. Babu tsinkena ko ɗaya a ciki.

"Wato kayana su ne dattin," na ce.

"Mama, ba haka ake nufi ba. Tsofaffin kaya su ne matakin farko."

"Da wannan matakin farkon na biya kuɗin makarantar wadda ke zana maka. Ina so ka sa na gaskiyar a wayar mutane, ka ce ɗakin wance ne, kuma ku kuka zuba ɓerayen."

Ya ce tallan ya riga ya bazu, ba ya dawowa. Abin da zai iya shi ne a canza ɗakin a sabon zubin wasan yadda ba mai gane shi. Ya juya ya ce wa Auta ta yi yanzu, a gabana, don hankalina ya kwanta.

Ta zauna. Ta taɓa ƙofar, shuɗi ya koma ruwan ƙasa. Ta kama kusurwa biyu na tagar ta ja, ta miƙe. Ta goge bulon, ta ƙara wa ƙafar tebur tsawo. Da ta zo kan jar wayar mahaifinta ta tsaya. Ogan ya ce wannan ai ita ce ta fi tona asiri. Ta danna, ta ɓace. Duka bai kai tafasar ruwa ba. Ɓerayen kuwa ba wanda ya taɓa su, suna nan suna rawarsu. Ya ce to, Mama, an share miki hawaye.

Na ce a buga mini na farkon a takarda, mai tsabtar. Wannan kam sun yi, babba, mai sheƙi. Na manna shi a bangon da suka cire a zanen, daidai inda mai shigowa zai gani in ya waiwaya.

Ran Talata shugabar nas-nas ta zo binciken nata. Ta shafa yatsa a kan taga, ta leƙa lungun bayan ƙofa ta ga tsintsiya, ta sunsuna baho. Ban gyara komai don zuwanta ba, yadda yake kullum haka ta same shi. Sannan ta tsaya gaban takardar ta daɗe tana kallo. Na fara yi mata bayani cewa wannan shi ne na asali, shi aka fara zanawa.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin kyauta, Mama. Kin ga amfanin abin, yanzu ga shi kin gyara. Ki riƙe haka wata uku, sai mu duba maganar zannuwan."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya ranar hoton. Ta buɗe baki za ta yi magana. Na ce ta matsa, tana tare mini haske, ina da guga.