Kan 'Yata Bai Kai Tebur Ba

Manaja, kai ka ƙwace wa 'yata kujerar shugabar ma'aikatan otal, kuma da mudubi ka ƙwace ta. Ni ce uwar Guntuwa, tsohuwar nan da ta zo ofishinka ranar Litinin ta ƙi zama. Ban yi boko ba, na faɗa ne aka rubuta.

Shekarun Guntuwa a wurinku sun fi na labulen falonku. Ita ta koya wa Zangalo, yaron da ka ba kujerar, yadda ake karɓar baƙi, har yadda ake riƙe waya. Da kujerar ta zama babu kowa a kai, kuka kira su biyun, kuka tsayar da su bayan dogon teburin nan na karɓar baƙi, kuka koma bakin ƙofa kuna leƙe ta mudubin bango, wai ku ga wanda baƙo zai fara hanga. Zangalo ya fito har cibiya. 'Yata kuwa ɗankwalinta kawai aka gani yana yawo kamar kaza a bayan danga. Shi ke nan jarrabawar.

Da na tambaye ka, ka ce yaron yana da kwarjini. Na ce raƙumi ma yana da shi, a ba shi makullan.

Ƙanwata Malama, wadda ke koyarwa, ta ce mini abin ba a kanku ya fara ba. Masu bincike sun bi dubban ma'aikata, sun tarar dogaye sun fi samun albashi da shugabanci, maza da mata, musamman inda ake hulɗa da jama'a. Ta ce wani ɓangaren daga ƙuruciya ne, yaron da ya ci ya ƙoshi yakan yi tsawo, kansa ma ya buɗe, wanda ya fi sa'o'insa girman jiki kuma yakan saba da shiga gaba. Sauran kuwa idon masu ɗauka ne.

Na ce, "To, tawa ta ƙoshi. Gajarta gadon ubanta ce, Allah ya jiƙansa, a kan turmi yake hawa ya sauko da fitila."

Zangalo kansa ya zo gaishe ni, ya buga goshi a saman ƙofa. Yaron kirki. Na ba shi ruwa, muka yi ta dariya har ya ƙware. Ya ce, "Wallahi Inna, har yau in lissafin ɗakuna ya rikice, ita nake kira."

Ba ni da faɗa da shi, bai ja ƙafafunsa da kansa ba. Da kai nake. Kafinta ya yi mini ɗan akwatin takawa, na biya, gobe Guntuwa za ta zo da shi, ta riƙa hawa a bayan teburin nan. Ku sake jarrabawar, a zaune, da tambayoyin aiki iri ɗaya, a gaban mai otal. In kun ƙi, ka fito falo gaban ma'aikatanka ka gaya mini aikin da tsawo yake yi da 'yata ba ta iya ba.