Bidiyon da Aka Goge

Maikano ya kira Hafsat sau uku kafin azahar, kuma maganarsa ɗaya ce: ya tsaya ko ya tafi?

Kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta, manomin gero a Gesheme. Tun bara yake fitowa a gajerun bidiyon barkwanci da ƙungiyar Gindin Dutsi ke ɗorawa a shafinta, a matsayin tsoho mai gardama da kowa, har da jakinsa. Hafsat ce ke rubuta masa labari, ita ce kuma ta kawo shi. Yanzu an gama girbi, 'yan garinsu na shirin tafiya cin rani, sun kama masa wuri a motar da za ta tashi daga Kore Mairuwa ranar kasuwa. In akwai aikin ɗauka a ranin nan zai zauna. In babu, ba zai kwana yana kallon rumbu ba.

Hafsat ta ce masa ya jira, domin a safiyar nan Khalil, shugaban ƙungiyar, ya tara su a shagon montaj, wato wurin haɗa bidiyo, da ke bayan tashar Dogon Dutsi, ya ce ya yi nazari. Ya zaɓo bidiyo goma da suka fi samun masu kallo tun da aka buɗe shafin, ya kalle su ɗaya bayan ɗaya. Takwas a kasuwa aka ɗauke su, cikin hayaniya da guje-guje. Biyu kacal ne na ƙauye. Don haka daga yau an daina zuwa Gesheme. Ya faɗi haka cikin natsuwa, ya ƙara da cewa ba shi da komai da Kawu, lissafi ne ya yi magana.

Armel, mai kyamara da haɗa hoto, yana zaune a gefe. Ya ci gaba da goge gilashin kyamara da gefen rigarsa.

Hafsat ta fita ta tsaya a bakin shago, ta dawo, ta sake fita. Abin bai kwanta mata ba, amma ta kasa kama inda ya karkace. Ta buɗe shafin a wayarta tana ja da yatsa, ba don tana neman wani abu ba. Sai ta lura bidiyon mai kifi babu shi. A kasuwar Kore Mairuwa suka ɗauke shi, sun sha rana har hancin Armel ya yi jini. Ta nemi na mai awon gero, shi ma na kasuwa ne, shi ma babu.

Ba ɓata suka yi ba. Al'adar ƙungiyar ce tun farko: bidiyon da ya yi mako bai kai masu kallo dubu ba, a cire shi. Khalil na cewa mai neman talla in ya leƙo shafi ya ga ɗari biyu, ɗari uku, ba zai dawo ba, kuma 'yan fadar unguwar gaba, samarin da ke zaman shayi, za su samu abin zolaya. Kowa ya yarda da hakan, har ita. Ba wanda ya taɓa ƙirga nawa aka cire.

Ta koma ciki ta tambayi Khalil, cikin waɗanda aka goge, nawa ne na kasuwa.

"Waɗanda suka mutu? Mi za mu koya wurin gawa?"

"Abin da ya kashe ta," in ji Armel, bai ɗago kai ba.

Khalil ya yi dariya, ya ce to likitoci, ga asibiti nan. Ya ba su wa'adi zuwa ranar kasuwa. Bayan nan ba ya son jin sunan Gesheme.

Aikin ya fi yadda ta zata wuya. Shafin ba ya nuna komai game da abin da aka cire. Armel ya zazzage gwangwanin madara cike da ƙananan katunan ajiyar bidiyo, wasu ba suna, wasu an ɗora bikin aure a kan abin da ke ciki. Suka bi tsofaffin saƙonnin rukuninsu, inda ake turo kowane bidiyo kafin a ɗora shi. Wuta ta ɗauke, suka koma kan waya. Wuta ta dawo, ordinata, wato kwamfutar, ta ƙi tashi. Maikano ya sake kira, ta ce masa ya ƙara haƙuri.

"Haƙurin nan, ɗiya, ba shi biyan kuɗin mota," ya ce, ya kashe.

Armel ne ya kafa sharaɗi kafin su fara ƙirga. Ya ce duk abin da aka taɓa ɗorawa sai ya shiga, mai kyau da marar kyau da na tsakiya da ba wanda ke tunawa da shi. Kuma a yanke tun yanzu mene ne na kasuwa, mene ne na ƙauye, kada a zo ana jan bidiyo zuwa ɓangaren da ake so bayan an ga sakamako. Suka yarda: inda aka ɗauki mafi yawan hoton, nan ne gidansa. Adadin masu kallon waɗanda aka goge ya tafi, amma wannan bai hana komai ba, tunda dalilin goge su sananne ne. Duk ba su kai dubu ba.

Zuwa jajibirin kasuwa sun haɗa ashirin da biyar da aka cire. Ashirin da uku na kasuwa ne. Biyu na ƙauye.

Hafsat ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Sai kuma ta tuna da wayarta ta da, wadda gilashinta ya tsage, tana cikin akwati a gida. A farkon zuwan Maikano ita ce ke ɗaukarsa da kanta, ta ɗora kai tsaye, ba ta turawa rukuni. Ta je gida da la'asar ta sa wayar a caji. Bidiyo uku ne a ciki. Ta kalle su a tsaye. A ɗaya iska ta cinye muryarsa gaba ɗaya, sai baki ke motsi. A wani kuma yana kallon kyamara kamar mai jiran a ɗauke shi hoton katin zaɓe. Dukansu an ɗora su, dukansu an cire.

Ba wanda ya san da su sai ita. Khalil ya manta, Armel bai shigo ƙungiyar ba a lokacin. In ta bar su a akwati, na ƙauye tara ne, biyu sun yi fice, sun fi na kasuwa. In ta kawo su, sun zama goma sha biyu. Ta zauna a bakin gado, ta tashi, ta ɗebo ruwa ba ta sha ba. Mahaifiyarta ta tambaye ta ko Maikano zai tafi ne, ta ce ba a sani ba tukuna. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, Khalil bai ɓoye komai ba, mantawa ya yi. Ita in ta yi shiru, da saninta ne.

Da safe ta saka wayar a jaka.

A shago Armel ya jera komai a fuskar ordinata, layi uku: goma na sama, ashirin da biyu na tsakiya da ke kan shafi har yanzu, ashirin da takwas da aka cire, har da ukun Hafsat. Sittin ke nan. Arba'in da takwas a kasuwa aka ɗauke su, domin kasuwa ce kusa, kuma ba ta cin mai. Hafsat ta yi bayani a taƙaice. Takwas cikin goma na sama na kasuwa ne, gaskiya ne. Amma takwas cikin kowane goma da suka taɓa ɗauka ma na kasuwa ne. Ko da ido rufe aka ɗebo goma, kusan haka za a samu. Tambayar da ta dace ita ce, cikin na kasuwa nawa suka yi fice, cikin na ƙauye nawa. Takwas cikin arba'in da takwas. Biyu cikin goma sha biyu. Ɗaya cikin shida a nan, ɗaya cikin shida a can.

Khalil ya ƙirga da kansa, yana taɓa gilashin da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Ya tambayi inda waɗannan ukun suka fito, ta faɗa masa. Ya dube ta, ya ce da ta bar su a gida ai da ta ci shi.

Sannan ya jingina da bango ya ce to, ya janye maganar kasuwa. Amma in duk ɗaya ne, me zai sa ya ƙona mai har Gesheme? Goma sha biyu ma ba su isa a ce komai ba.

Hafsat ta san gaskiya ya faɗa. Agogon shagon ya wuce ƙarfe goma. Motocin Kore Mairuwa kan cika kafin azahar.

Armel ya ce shi akwai abin da ya gani, tunda shi ne ya kalli duka ashirin da takwas ɗin har ƙarshe. A mafi yawansu ba a jin maganar farko, ko injin niƙa ya rufe ta, ko iska. A goma na sama ana ji sarai. A na tsakiya kuwa gauraye ne. Ya ce ba zai rantse wannan ne dalili ba, yana iya zama wani abin daban, amma shi ne kaɗai bambancin da ya samu tsakanin layin sama da na ƙasa. Kuma huɗu daga cikin biyar na Kawu da aka cire, iska ce ta ci su. Akwai ƙaramin mikro, wato makirufo na maƙalawa a riga, wurin wani abokinsa, zai ara.

Khalil ya kaɗa makullin babur. Daga bisani ya yanke: shida a kasuwa, shida a Gesheme, duka da mikro, a riƙa ɗora su bi da bi, a duba kowanne bayan mako ɗaya da ɗorawa. Ba za a goge ko ɗaya ba, ko mutum bakwai ne suka kalla. Amma tafiya ɗaya zai biya wa mai. Abin da zai biyo baya, sai an gani.

Hafsat ta fita waje ta kira. Hayaniyar tasha ce ta fara amsawa kafin muryar Maikano. Ya ce yana cikin mota, jakarsa na sama an ɗaure, saura mutum biyu.

"To mi na'urar taku ta ce? Ana so na?"

"Ba ta ce ana son ka ba, Kawu. Ba ta kuma ce ba a so ba."

"Wanga ai amsar boka ce."

Ta gaya masa abin da ke akwai: bidiyo shida, ba alkawarin na bakwai. Ba aikin rani guda ba ne, kuma ba za ta ce masa shi ne ba. Ta ji yana magana da wani a gefe, ta ji ɗan kamasho na kiran sunan gari.

"Shida, kwana nawa za su ci?"

Ta ce in an dage, kafin kasuwa mai zuwa an gama.

Ya ce motar mako mai zuwa ma mota ce. Zai sauka, amma su zo yau, kuma ta gaya wa yaron nan Khalil ya taho da buhun shayi, don jakin ba ya wasa da yunwa, mai shi ma haka. Kafin ta amsa ta ji yana faɗa da ɗan kamasho a kan a kwance masa jaka.

Ta koma shago. Armel ya riga ya tafi karɓo mikro. Khalil na durƙushe gaban babur yana leƙa tanki, yana tambayar ko a Tibiri, kan hanyar Gesheme, za su sha mai ko a nan.