Kada a Gindin Dutse

A ofishin jaridarmu akwai wani ɗan ɗaki a bayan injin buga takardu, mai tebur biyu da fanka ɗaya da ke juyawa idan ta ga dama. Nan ne sashen tantance hotuna, kuma mu biyu ne sashen gaba ɗaya. Ni ce ke duba ko an taɓa hoto, abokin aikina kuma shi ke gano inda aka ɗauke shi. Ana kiransa Baba Taswira, don idan ka ba shi hoton turken lantarki da rabin gajimare, kafin shayinka ya huce zai gaya maka sunan titin. Ni kuwa suna ce mini Anti Dakata, kuma ba don yabo ba.

Ƙa'ida ita ce hoto ya fara biyowa ta teburina kafin ya isa nasa. Amma Baba Taswira ya girme ni da shekara ashirin, kuma a ganinsa aikina ɓata lokaci ne. Watanni biyu kafin wannan rana mun buga hoton da ya tsallake ni, washegari muka buga neman afuwa. Edita ya ce mana a fili idan aka sake, zai rufe sashen ya mayar da ɗakin wurin ajiye tsofaffin kujeru. Ni abin ya tsaya mini a rai sosai, domin ban iya wani aikin ba.

Ranar na shigo a makare saboda na kai mahaifiyata asibiti, na tarar wani hoto ya riga ni zuwa. Kowa yana ta tura shi a waya. Titi ne ruwa ya cika, ga wani mutum a tsaye a kan rufin mota ya ba kamara baya, takalmansa a hannu, ga ƙaton kada a cikin ruwan yana kallonsa. Can baya kuma wani dutse ne mai kai biyu. Edita yana son sunan garin kafin ƙarfe huɗu.

Baba Taswira ya riga ya yi nisa. Ya nuna mini cewa sitiyarin motar yana ɓangaren da ba namu ba, don haka ya cire ƙasarmu da maƙwabtanta daga lissafi tun da safe. Sannan ya bi duwatsun ƙasashen da ke tuƙi ta wancan hannu har ya sami dutsen. Kuma gaskiya shi ne, kowane lanƙwasa ya hau daidai. Matsala ɗaya ce, a inda ya kamata mai hoton ya tsaya, taswirar tauraron ɗan'adam ba ta nuna komai sai fili da shanu. Da na tambaye shi ina titin, ya ce hoton tauraron tsoho ne, mutanen can suna da saurin gini.

Har ya rubuta rahotonsa, ya karanta mini yana gyara tabarau. Ya bayyana mutumin kan motar da cewa dattijo ne mai sanƙo da faɗin ƙugu, wanda tsayuwarsa ke nuna bai saba motsa jiki ba, kuma da alama matsoraci ne tun kafin kadan ya zo.

Na ce, “Baba, ba ni minti talatin.”

“'Yata, dutse ba ya ƙarya.”

“Dutsen bai yi ba. Wanda ya ɗauko shi nake zargi.”

Ya tura mini hoton yana tsaki. Bayanan da kamara ke liƙa wa hoto babu su, amma wannan bai nuna komai ba, manhajar aika saƙo ce ke goge su. Sai na koma kan haske. A titin, inuwar turaku da ta motar duk sun kwanta hagu, wato rana tana dama. Dutsen kuwa gefensa na hagu ne ke haske. Na kira shi na tambaye shi ko garin da ya gano rana biyu gare shi. Ya ce wataƙila gajimare ne.

Na ƙara girman hoton. Titin ya dushe, duk ƙananan murabba'ai irin na hoton da aka yi ta turawa, amma kadan fes yake, har haƙoransa ana ƙirgawa. Ruwan da ke kewaye da tayar mota yana da zobe-zobe, na jikin kadan kuwa ko motsi babu, kuma motar tana da hotonta a cikin ruwa, shi ba shi da shi. A bakin rufin gidaje, inda sama ta fara, akwai siririn farin layi, wayar lantarki kuma ta taho daga turke ta ɓace a tsakiyar iska.

Lokacin Edita ya leƙo, ya ce saura minti arba'in. Baba Taswira ya ce masa gari ya samu, ni ce dai nake abin da na saba.

Na yanka hoton uku, na nemi kowane yanki shi kaɗai a intanet. Dutsen ya fito daga shafin masu tallar yawon buɗe ido. Kadan ya fito daga wani gidan ajiye dabbobi, yana kwance a kan siminti. Titin ne bai fito ba. To masu wannan haɗe-haɗe sukan juya hoto, dama ta koma hagu, don ya yi wuyar samu, saboda haka na juya shi na sake nema. Sitiyarin ya dawo ɓangarenmu, sakamako ɗaya kuma ya fito, a shafin wata mata, shekara uku da suka wuce.

Na daɗe ina kallon sunan matar. Na san ta, na ci abinci a gidanta.

A hoton na asali babu dutse, sai tankin ruwan unguwa. A inda kadan yake, agwagwa ce ke iyo abinta. Ƙarƙashin hoton an rubuta: “Maigida ya ce ba zai sauko ba sai an kore ta.”

Na kira Edita, na juya musu allon kwamfutar shi da Baba Taswira. Edita ya duƙa ya karanta, ya dubi sanƙon da ke hoton, ya dubi na kan Baba Taswira, sannan ya fita da sauri. Muna jin dariyarsa ta cikin bango, tana gasa da injin.

Baba Taswira ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ƙofar gidansa ce, da bishiyar da ya dasa da hannunsa, da tsohuwar motarsa da ya sayar bara. Ya yi awa biyar yana kallonsu yana neman su a wata nahiya.

Can ya ce, “Agwagwar nan tana cizo. Kowa a layin ya sani.”

Na ce na yarda.

Dariya ta cika mini ciki, amma da na dube shi sai tausayi ya kama ni. Mutumin nan shekara talatin yana alfahari da idonsa. Ya jawo rahoton nasa ya sake karanta layin dattijo mai faɗin ƙugu, a hankali, ya ce aƙalla wannan ɓangaren bai yi kuskure ba.

Ƙarfe huɗu muka buga labarin cewa hoton haɗi ne na hotuna uku. Edita ya so a sa na asalin a gefe, Baba Taswira ya ce a sa, amma a yanke daga wuya zuwa sama. Ba wanda ya sake maganar tsofaffin kujeru.

Washegari na sake makara. Na tarar da shi zaune ya harɗe hannuwa, allonsa a kashe, sabon hoto yana jira a teburina tun ƙarfe takwas.

Ya ce, “Duba mini wannan tukuna, 'yata. Ki juya shi ma, ko ina ciki.”