Kuɗin Sallamar Mas'udu

Shekara takwas Mas'udu ya yi yana tuƙa motar kaya a wani kamfani a Dubai. Da ya dawo Kanan-Bakashe, abin da ya ajiye gaban yayansa Cha'ibu jika ɗari tara da talatin da shida ne na sefa. Ya ce kuɗin sallamar ke nan gaba ɗaya.

Cha'ibu bai taɓa kuɗin ba. Shi ne ya jinginar da gonar gado a kan miliyan ɗaya da jika ɗari biyu don Mas'udu ya samu tafiya, da alkawarin kuɗin sallama ne za su fanshe ta. Wanda ke riƙe da gonar kuma ya faɗa a fili: in ruwan shuka ya sauka bai ga kuɗinsa cikakku ba, bana ma shi zai noma.

Abin da ya dami Cha'ibu shi ne Ɗan Baba, mai sayar da wayoyin salula a tashar Tasawa. Shi ma ya yi direba a Dubai, shi ma shekara takwas, kuma kowa ya san abin da ya kawo ya haura miliyan ɗaya da rabi. Cha'ibu ya fara lura da ƙanensa: sabon agogo, takalmi mai nauyi, yadda yake fita waje in an kira shi a waya. Ranar kasuwa ya ce masa ya shirya, Tasawa za su.

"Yaya, in zargina kake, ka faɗa mini nan gida."

"Ban ce komai ba. Hau mota."

Ɗan Baba ya tarbe su da shayi da tsiya. "A'a, mutanen Dubai! Ko kuɗin ne suka yi yawa kuna neman mai ajiya?"

Cha'ibu bai yi dariya ba. Ya ce a yi masa lissafin a gabansa, a hankali.

Ɗan Baba ya ɗauki waya. Ya ce a can da gundarin albashi na ƙarshe ake lissafi, ban da kuɗin gida da na mota. A raba shi gida talatin, a samu kuɗin kwana ɗaya. Shekaru biyar na farko, kowace shekara kwana ashirin da ɗaya. Abin da ya haura, kowace shekara kwana talatin. Shekara takwas ta ba da kwana ɗari da casa'in da biyar.

"Ni gundarina dirhami dubu da ɗari biyar, kwana hamsin-hamsin. Na amshi dubu tara da ɗari bakwai da hamsin. Kai fa, Mas'udu?"

"Ni albashina dubu biyu da ɗari biyu. Na ma fi ka."

Cha'ibu ya gyara zama, ya kafe ƙanensa da ido.

"Ba duka na tambaye ka ba," in ji Ɗan Baba. "Gundarin."

Mas'udu ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce da can dubu da ɗari biyar ne, sauran ɗari biyar na gida da mota. Amma saura shekara guda aka kawo musu sabuwar kwangila mai ƙarin ɗari biyu a wata. A cikinta gundarin ya koma ɗari tara, sauran duk an zuba cikin kuɗin gida da na mota.

"Kuma ka sa hannu?"

"Ƙari ne fa."

Ɗan Baba ya buga. Talatin sau ɗari da casa'in da biyar, dubu biyar da ɗari takwas da hamsin. Ya juya shi sefa, kowane dirhami a ɗari da sittin, ya miƙa wa Cha'ibu wayar. Jika ɗari tara da talatin da shida, ba ragi.

"Sun ba ka dubu biyu da ɗari huɗu a shekara, sun ɗauke dubu uku da ɗari tara a ƙofar fita. Kai, Balaraben nan ya iya fiɗa!"

"Ba ni kaɗai na yanke ba," Mas'udu ya ce, idonsa na kan kofin shayi. "Na kira Yaya kafin in sa hannu. Ya ce ƙari ba a mai da shi."

Cha'ibu ya tuna kiran sarai. Lokacin ana tsadar hatsi, kuma ƙarin nan gidansa ya riƙa shigowa kowane wata. Ya aiki Mas'udu ya kama musu wuri a mota, sannan ya matso kusa da Ɗan Baba.

"Tsakaninka da Allah, bai kira ka jiya ba?"

"Cha'ibu, ko lambarsa ba ni da ita."

Cha'ibu ya dube shi ya daɗe, ya sa aka sake buga lissafin. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa. Giɓin kuɗin fansar gonar jika ɗari biyu da sittin da huɗu ne.

Suka kama hanyar gida har suka wuce rabin tafiya. Sannan Cha'ibu ya ce, ba tare da ya juyo ba, kasuwa mai zuwa zai kai bijimin amalankensa ya sayar.

"Yaya, da me za ka yi jigilar taki?"

"Da kai," ya ce. "Ai kai ne direba."