Jaririn Kilo Tara

Yayata ta haihu a ƙasar waje, mijinta ya turo saƙo da Turanci. Kawu ya gyara tabarau ya fassara wa Inna: "Namiji ne, kilo tara."

Inna ta rangaɗa guɗa, ta rungumi buhun shinkafar kicin don ta ji nauyin jikanta. Washegari tela ya ɗinka masa riguna irin na ɗan shekara guda.

Da Goggo ungozoma ta duba wayar, dariya ta kusa kayar da ita. "Lb aka rubuta, awon can ne. Taransu kilo huɗu ne da 'yan kai."

Inna tana ninke rigunan tana share hawayen dariya, ta dubi ƙanenta. "Rigunan za su jira shi. Kai kuwa, ko gaisuwa ce kada ka sake fassara mini."